Abin da za a duba kafin sayen tsohon faifan wasan PS4

A shagunan wasannin bidiyo na Barnawa da Sabon Tasha, tsohon faifai na iya zama araha, amma sai mai saye ya yi hattara.

Faifan PS4 ba shi da kullen yanki. Na Amurka yana aiki a na'urar da aka shigo da ita daga Turai, sabanin PS2. Matsalar tana wajen karin kayan wasa da ake saya ta intanet, domin dole yankinsu ya dace da na faifan. A duba kwalin: tambarin ESRB na nufin Amurka, PEGI kuwa Turai. Wanda asusunsa na Birtaniya ne, ya dauki faifai mai ESRB, zai biya kudin kari amma wasan ba zai gane shi ba. Lambar kyauta da ke cikin kwali kuma sau daya take aiki, kada a kara ko naira saboda ita.

A juya faifan a haske. Siririn karce ba ya hana aiki, amma tsagewa kusa da ramin tsakiya kan ci gaba da budewa. Fitowar hoton wasan a allo ba hujja ba ce. A jira na'urar mai shago ta gama kwafe shi duka.

Sai batun intanet. A Nuwamban 2023 kamfanin EA ya rufe wasan intanet na FIFA 18 zuwa FIFA 21. Wadannan faifai suna nan daram don karawa da aboki a falo, sai dai farashinsu ya kamata ya nuna hakan.