Karayar kwatangwalo a tsufa: abin da hoto ke nunawa da yadda ake zaɓen magani

Idan tsoho ya zame ya faɗi ya kasa tashi, abin da ya fi saurin zuwa bakin 'yan gida shi ne targaɗe ko gocewar ƙashi. Sai a kwantar da shi, a gasa wurin da ruwan zafi, a aika a kira maɗori. Amma idan aka duba aka ga ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta gajarta, tafin ya kwanta waje, ga ciwo a matsematsi da ke hana shi ɗaga ƙafar, to mafi yawanci ƙashin cinya ne ya karye daga can sama, inda yake haɗuwa da ƙugu. Ita ce karayar kwatangwalo, kuma maganinta ya dogara ne a kan tambaya guda da hoton ƙashi ke amsawa: a ina daidai ƙashin ya karye?

Ƙashin cinya dogo ne, amma daga sama yakan lanƙwasa zuwa ciki, ya yi ɗan siririn wuya, sannan ya ƙare da mulmulallen kai. Wannan kan yana zaune ne a cikin wani gurbi a jikin ƙashin ƙugu, yana juyawa kamar kan taɓarya a cikin turmi. A gindin wuyan kuma akwai tudu biyu, babba ta waje da ƙarami ta ciki, inda manyan tsokoki suke kamawa. Wata jaka mai kauri ta lulluɓe kan da mafi yawan wuyan. Yawancin jinin da ke ciyar da kan ƙashin yana hawa ne ta wasu ƙananan jijiyoyi da suke manne a jikin wuyan, a cikin jakar nan. Saboda haka idan wuya ya karye ya goce, jijiyoyin sukan tsinke, kan ƙashin ya rasa abincinsa. Idan kuwa karayar ta faɗa ƙasa da jakar, tsakanin tudun biyu, jini na isa ko'ina, ƙashin yana da damar haɗewa.

Mu ɗauki misalin wata dattijuwa mai shekara 76. Tana zuwa unguwa da ƙafarta, tana dogara sanda idan tafiyar ta yi nisa, hankalinta garau, sai dai tana shan maganin hawan jini. Da asuba ta fita alwala, santsi ya ɗebe ta, ta faɗi ta ɓangaren hagu. Faɗuwa irin wannan ba ta karya matashi. Tana karya tsoho ne saboda ƙashinsa ya riga ya zaizaye, musamman mace bayan ɗaukewar al'ada.

A asibiti, bayan an ba ta maganin kashe zafi, za a ɗauki hoto iri biyu. Na farko daga gaba ne, ya ɗauko ƙugun gaba ɗaya da kwatangwalo biyu, domin a gwada ɓangaren da ke ciwo da mai lafiya. Na biyu daga gefe ne, don akwai gocewar da ba ta fitowa sai an leƙa ta nan. A gefen hoton akwai harafin R na dama ko L na hagu, kuma shi likita ke fara dubawa tare da sunan mara lafiya.

Daga nan sai ya bi wani layi da ido. A ƙugu mai lafiya, idan ka bi gefen ciki na wuyan ƙashin cinya zuwa sama, za ka ga ya zarce ya haɗu da ƙasan ƙashin mara, sun yi baka ɗaya mai santsi. Likitoci na kiransa layin Shenton. A hoton dattijuwarmu, bakan dama lafiya lau yake, na hagu kuwa ya katse, ya yi tsani. Wuyan hagu ya gajarce, sandar cinyar ta hau sama, ƙaramin tudun nan na ciki ya fito fili fiye da na dama saboda ƙafar ta juya waje. Layin karayar ya ratsa wuyan dab da kai. Hukuncin hoton ke nan: karaya a cikin jaka, kuma ta goce.

A 1961 wani likitan ƙashi a Ingila mai suna Garden ya kasa karayar wuya zuwa mataki huɗu, har yau kuma ana amfani da rabon nasa. Mataki na 1 da na 2 su ne inda ƙashin ya tsage ko ya karye amma bai bar mazauninsa ba. Na 3 da na 4 su ne inda ya goce, kaɗan ko gaba ɗaya. A wurin yanke shawara, abin ya koma gida biyu: ya goce ko bai goce ba.

Idan bai goce ba, akwai kyakkyawan zaton jijiyoyin jinin suna nan. Sai a bar wa mutum ƙashinsa, a ɗaure shi da dogayen sukurori, galibi guda uku, da ake turawa ta cikin wuya har cikin kai. Idan ya goce, a jikin tsoho, ɗaurewa caca ce. Sau da yawa ƙashin yakan ƙi haɗewa, ko kan ya mutu a hankali ya rufta bayan watanni, a dawo a sake tiyata a jikin da ya ƙara rauni. Shi ya sa ake cire kan a sa na ƙarfe mai doguwar jela da ke shiga cikin ɓargon cinya, galibi a kafe ta da simintin ƙashi. Matashi kuwa, ko karayarsa ta goce, ƙoƙari ake a mayar a ɗaure cikin gaggawa, domin ƙarfe na da iyakar shekarun da zai yi.

Sauyin ma iri biyu ne. Akwai rabin sauyi, inda ake canja kai kawai a bar gurbin. Aikin ya fi gajarta, jini bai cika zuba ba, kuma bai cika fita daga gurbi ba. Shi ya dace da wanda jikinsa ya yi rauni, ko tafiyarsa ba ta wuce tsakar gida, ko mai ruɗewar tsufa. Akwai kuma cikakken sauyi, inda ake canja kai da gurbi duka. Ana duba shi ga wanda yake fita waje da ƙafarsa ba tare da abin da ya wuce sanda ba, hankalinsa daidai, jikinsa zai ɗauki dogon aiki. Dattijuwarmu ta cika waɗannan sharuɗɗa, don haka za a iya yi mata tayin cikakken sauyi idan gwajin zuciya, ƙoda da jini ya yi kyau. Idan kayan aiki ko kuɗi ba su kai ba, rabin sauyi ma zai tsayar da ita a kan ƙafarta. Wannan ne dalilin da ya sa likita ke tambayar yadda take tafiya kafin faɗuwar. Amsar gaskiya daga 'ya'yanta na cikin abin da ake auna aikin da shi.

Da a ce layin karayarta ya ratsa tsakanin tudun biyu ne, da maganar ta canja. Nan ba a cire kai, tunda jini na isa gare shi. Sai a tura babban sukuri guda cikin kai, a haɗa shi da farantin ƙarfe a gefen cinya. An ƙera sukurin yadda zai riƙa zamewa kaɗan a cikin hannun farantin, ta yadda duk takun da mutum ya yi yana ƙara matse bakin karayar. Idan ƙashin ya farfashe sosai, ko karayar ta sauka ƙasa da ƙaramin tudu, an fi zaɓen doguwar ƙusa da ake zurawa ta cikin ɓargo. Irin wannan karayar ta waje tana zubar da jini a cikin cinya ba tare da an gani ba, don haka akan buƙaci ƙarin jini, 'yan'uwa su zama cikin shiri.

Hoto ma yana da iyakarsa. Wani lokaci tsagewar siririya ce, ba ta fitowa a ranar farko, har tsohon ya iya ɗingisawa. Idan hoto ya fito tsaf amma mutum ya kasa taka ƙafar, ko ciwon matsematsi ya ƙi lafawa, ba a gama bincike ba. Ana buƙatar hoton maganaɗisu, wato em-ar-ai, in babu shi a yi siti-sikan. Tsagewar da sukuri uku za su iya riƙewa yau, idan aka ci gaba da takawa, tana iya gocewa ta koma sai an cire kai.

Lokaci ma magani ne. Ƙa'idar da likitocin ƙashi ke bi ita ce a yi aikin cikin awa 48, in da hali ma a ranar da aka kwantar ko washegari. Hawan jini, suga ko ƙarancin jini akan daidaita su cikin hanzari, ba a mayar da su dalilin jiran makonni. Iyali da yawa kan ce, "Ta tsufa, ba za ta iya tiyata ba." Tsoron na da dalili, amma kwanciyar ta fi aikin haɗari. Tsohon da ya daɗe a shimfiɗe yakan kamu da ciwon huhu, gyambo ya ɓulla a gadon baya da dugadugai, jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya tafi huhu, hankali ya rikice. Ko a ƙasashen da suka fi ƙarfin asibiti, wajen mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka yi wannan karaya ba sa cika shekara, kuma mafi yawa cututtukan da ke biyo baya da raunin da suke ɗauke da shi ne ke kai su. Sau da yawa ma ba a sa mutum barci, allura ake yi a baya ta kashe daga ƙugu zuwa ƙasa.

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya game da ɗori. Wuyan ƙashin cinya yana can ciki, tsoka mai kauri ta rufe shi, karan ɗori ba ya isa ya riƙe shi. Ja da murɗa kuwa na iya goce abin da bai goce ba, su tsinke sauran jijiyoyin da suka tsira. Asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano sun saba karɓar waɗanda suka zo bayan watanni, ƙafa ta gajarce, wuyan ya cinye, aikin da zai yi sauƙi ya zama babba.

Bayan aiki, burin shi ne washegari dattijuwar ta zauna a bakin gado, ma'aikatan gashin ƙashi su tsayar da ita da abin dogarawa. Za a ba ta maganin hana daskarewar jini na 'yan makonni. Wanda aka sauya wa kai, musamman cikakken sauyi, akan hana shi tsuguno da zaman tabarma na wani lokaci don kada ƙarfen ya fita daga gurbi. Sai a tanadi masai mai kujera, salla kuma a yi ta a kan kujera har likita ya ba da izini. Idan wurin ɗinki ya fara ruwa ko zazzaɓi ya taso, idan sha-raɓa ta kumbura, ko ƙafar ta sake gajarcewa da ciwo farat ɗaya, a koma asibiti a ranar. Kafin sallama kuma a tambayi likita maganin ƙarfafa ƙashi, domin wanda ya karya kwatangwalo ɗaya yana cikin haɗarin karya ɗayan.

Don haka duk ranar da tsoho ya faɗi a gidanku ya kasa taka ƙafa, kada a ja ƙafar, kada a tilasta masa tsayuwa. A ɗauke shi a kwance zuwa asibitin da ke da hoton ƙashi a ranar, a riƙo magungunan da yake sha. Idan hoto ya fito, ku tambayi likita abu uku: a cikin jaka karayar take ko a waje, ta goce ko ba ta goce ba, kuma yaushe za a yi aiki.