Saƙon Dare: Wa Ya Kamata A Fara Ba Amsa?

Ɗan kasuwar Dawanau da ke fitar da riɗi zuwa ƙasar Sin da zoɓorodo zuwa Meziko yakan wayi gari ya tarar da saƙonni biyu sun kwana a wayarsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne amsa su bisa jerin isowarsu.

Agogon Sin yana gaban na Kano da awa 7, na birnin Meziko kuwa yana baya da awa 7. Saboda haka wanda ya tashi daga ofis ƙarfe 6 na yamma a Shanghai, ya tashi ne ƙarfe 11 na safe a agogonmu. Mutumin Meziko kuma ba zai buɗe ƙarfe 9 ɗinsa ba sai ƙarfe 4 na la'asar a nan.

Ke nan ko da saƙon Meziko ya shigo tun ƙarfe 12 na dare, na Sin kuma sai ƙarfe 3, na Sin ɗin za a fara dubawa, domin awa 3 kacal ke tsakanin buɗe rumfa ƙarfe 8 da tashinsa. In aka yi sakaci ran Jumma'a, cinikin yana iya kwantawa har Litinin, wani ya riga ka.

Dabarar ita ce a shaida wa kowane abokin ciniki lokacin da zai riƙa samun amsa, da agogon garinsa. In an yanka farashi kuma, a rubuta ranar da wa'adinsa zai ƙare, da sa'a, da sunan gari, gama kalmar "gobe" takan jawo gardama.