Tafinta a Hubbaren Gwandu: Kalma, Shekara da Awo

A wannan fitowa mun ɗauko aikin da kan faɗo wa ɗalibi ba shiri. Makaranta ta kai ziyara Gwandu, wurin hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. A cikin ayarin akwai malami mai bautar ƙasa wanda ba ya jin Hausa. Jagoran wurin yana bayani da Hausa, sai a ce wa wanda ya fi iya Turanci a aji ya yi tafinta. Baƙon zai rubuta duk abin da ya ji, ya tafi da shi garinsu a matsayin tarihinmu. Wurare uku ne tafinta ya fi tuntuɓe: baƙuwar kalma, shekara, da awo.

Kalmar da ba ta da takwara

Mu fara da sunan wurin. Hubbare gini ne da aka yi a kan kabarin babban malami ko shugaba. In tafinta ya ce kabari kawai, ya zubar da ginin. In kuma ya ɗauko kalmar Turanci mai nufin wurin bauta, ya sa baƙo ya zaci ana bauta wa mamaci, abin da Malam Abdullahi da yayansa suka yi wa'azi a kansa. Mafita ita ce a faɗi kalmar da Hausa yadda take, a biyo ta da jimla ɗaya ta bayani. Daga nan duk inda ta sake fitowa, a ce hubbare a wuce.

Sunayen sarauta sun fi wannan santsi. Jagora zai iya cewa "Sarkin Kabi". Sarkin Argungu Sarkin Kabi ne, mu kuma nan muna da Sarkin Kabin Jega. In aka juya sarautar kalma da kalma, baƙo zai ɗauka sarki ɗaya ne yake mulkin Jihar Kebbi duka. Haka nan Sarkin Gwandu: fadarsa a yau tana Birnin Kebbi, ba a garin Gwandu ba. Saboda haka ba a fassara sarauta. A faɗe ta yadda take, a ƙara da garin da mai ita yake zaune. In ba a gane wanda jagora yake nufi ba, a tambaye shi: "Baba, na Argungu ko na Jega?"

Shekarar Hijira da ta Miladiyya

Masu kula da irin waɗannan wurare sukan ba da shekara da lissafin Hijira, domin da shi malaman jihadi suka rubuta littattafansu. A ce jagora ya ce Shehu Usmanu ya rasu a 1232. In tafinta ya maimaita lambar bai ce ta Hijira ce ba, baƙo zai mayar da Shehu baya da shekara kusan ɗari shida.

Akwai gajerun hanyoyi biyu masu ɓatarwa. Ta farko, a ƙara 622, shekarar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira. Wannan zai ba da 1854. Ta biyu, a ƙara 579, tazarar da muke gani a kalandar bangon ajinmu, sai a sami 1811. Duka biyun kuskure ne, don Shehu ya rasu a 1817. Dalili shi ne shekarar Hijira ta wata ce, kwana 354 ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kamar kwana 11. A duk shekara 33 sai ta tsere da shekara guda, don haka tazarar ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Ga lissafin da ke aiki:

Miladiyya = (Hijira × 0.97) + 622

Mu gwada. 1232 sau 0.97 ya ba da 1195, a ƙara 622, an sami 1817. Ya yi daidai.

Amma lissafin yana da iyaka. Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Zulƙida na 1218. Lissafinmu zai ba da 1803 da ɗoriya, alhali littafin tarihinmu ya ce Fabrairun 1804. Babu wanda ya yi ƙarya. Shekarar 1218 ta kama ne a Afrilun 1803, ta ƙare a Afrilun 1804, Zulƙida kuwa wata na goma sha ɗaya ne, shi ya sa ya faɗa cikin 1804. Yaƙin Tafkin Kwatto an yi shi a Rabi'ul Awwal na 1219, wato Yunin 1804. Mai jin 1218 da 1219 zai zaci shekara guda ce tsakani, alhali wata huɗu ne kacal. Don haka in jagora bai ambaci wata ba, tafinta ya faɗi shekarar Hijirar, ya ce ta yi daidai da 1803 ko 1804.

A lura kuma, kalmar hijira kanta biyu ce a nan. "Shekara biyu bayan hijira" na iya zama bayan ta Annabi, na iya zama bayan ta Shehu. Yadda za a kama kuskure shi ne a riƙe shekaru uku a ka: 1804 farkon jihadi, 1817 rasuwar Shehu, 1903 shigar Turawa Sakkwato. In lissafi ya sa Shehu yana wa'azi bayan 1817, a sake shi.

Kamu, gaba da zango

Awon gargajiya da jikin mutum ake yin sa. Kamu daga gwiwar hannu ne zuwa ƙarshen yatsa, kusan rabin mita. Gaba ita ce buɗe hannuwa biyu, kamar kamu huɗu, wato ta kusa mita biyu. Taƙi buɗin yatsun hannu ne, taki kuwa na ƙafa ne. Harafi ɗaya ya raba su, amma taki ɗaya ya kai taƙi uku ko fiye.

A ce jagora ya nuna wani bango ya ce tsawonsa kamu goma. Tafintan da ya mayar da kamu ƙafar Turawa zai ba da mita uku. Wanda ya mayar da shi yadi zai ba da mita tara. Gaskiyar tana tsakanin huɗu da rabi da biyar. Abin faɗi shi ne: kamu goma, kimanin mita biyar. Kada a yar da "kimanin", domin hannun dogo da na gajere ba ɗaya ba ne. Sannan a ɗaga ido a dubi bangon: in lambar ba ta yi kama da abin da ake gani ba, akwai gyara.

Zango kuwa ba a mayar da shi kilomita. "Zango uku" na nufin an yada zango sau uku a hanya, kuma tafiyar mahayin doki daban take da ta ayarin jakuna. A ce tafiyar kwana uku, a tsaya nan.

In maganar jagora ta saɓa wa littafi

Wani lokaci shekarar da jagora ya faɗa ba ita ce a littafinmu ba. Kada tafinta ya gyara a ɓoye, ya sa tasa a bakin dattijo. Ya isar da abin da aka faɗa, sannan ya ce wa baƙo, "Wannan ƙari nawa ne: littafinmu ya kawo shekara kaza." Ya kuma shaida wa jagora da Hausa abin da ya ƙara.

Kafin a fara zagaye, a gaida jagora, a roƙe shi ya riƙa dakatawa bayan jimla biyu ko uku, a kuma tambaye shi da wane lissafi yake ba da shekara. A riƙe takarda da biro, a rubuta kowace lamba da kowane suna tun yana cikin magana, don su ne suke fara kuɓucewa.