Wasiƙar Ta'aziyya Daga Wurin Aiki

Wasiƙar ta'aziyya ita ce takardar da shugaban ma'aikata ke aika wa ma'aikacin da ya yi rashin mahaifi ko mahaifiya. A ƙasar Hausa ba ta maye gurbin zuwa da ƙafa. Akan yi jana'izar Musulmi a ranar da ya rasu, a yi zaman makoki na kwana uku, don haka waya ce ke fara isa, sannan wakilan ofis su kai takardar hannu da hannu kafin a tashi daga zaman. Wadda ta iso bayan mako biyu ta zama cika ƙa'ida kawai.

Kafin a rubuta komai sai an tabbatar da wanda ya rasu. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, wadda ma'aikaci ke kira Hajiya ko Inna tana iya zama matar babansa, ko gwaggon da ta riƙe shi. Tambayar abokin aikinsa na kusa ta isa ta warware wannan. Kuskuren da ya fi ciwo shi ne a ɗauko tsohuwar takarda a sauya suna kawai, sai a ga "Allah ya jiƙansa" alhali uwa ce ta rasu. Mai karantawa zai gane nan take ba a zauna an tuna da shi ba.

A ɗauki misalin akawun wani kamfani a Kano da mahaifiyarsa ta rasu da asubahin Talata. Ran Laraba manaja zai rubuta a takarda mai tambarin kamfani, bayan kwanan wata da sallama: "Malam, mun samu labarin rasuwar mahaifiyarku jiya Talata. A madadin kamfani da dukkan abokan aikinka, ina yi muku ta'aziyya, kai da 'yan'uwanka. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba ku haƙuri. Kada aiki ya dame ka, mun riƙe maka." Jimlar ƙarshen nan ce ke nuna gaskiyar zuciya, domin tana ɗauke masa wani nauyi na zahiri. Manaja da kansa zai sa hannu, ba sakatare ba.

Ba a ambaton jinya, ba a yabon marigayiya da halayen da manaja bai san ta da su ba. Ranar dawowa aiki da kwanakin hutu takarda daban suke buƙata, kuɗin gudummawa kuma a ambulan ɗinsu, ba tare da an rubuta adadi ba. Idan ma'aikacin Kirista ne, sai a ce Allah ya ta'azantar da iyali, a kuma tambayi ranar jana'iza, domin takan ɗauki makonni kafin a yi.