Fankar Sama Tana Rawa ko Ta Rage Gudu? Ga Inda Za a Fara Dubawa

Da bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, ake gane fankar da ke da lafiya da wadda ta gaji. Wata za ka kai ta ƙarshen gudu amma tana jan jiki, wata kuma tana rawa da kai har mutum ya ji tsoron kwanciya a ƙarƙashinta. Abin da ke damuna shi ne yadda ake gaggawar yanke hukunci cewa koyil ya ƙone, a kwance fanka a kai ta wurin masu naɗi, a kashe kuɗi, alhali sau da yawa matsalar ba ta kai can ba. Dubawa tana da tsari: fuka-fuki tukuna, sannan kafasita, sai boris a ƙarshe. Dalilin wannan jeri shi ne na farko ba ya cin ko sisi, na biyu kuɗinsa kaɗan ne, na uku ne kawai ke bukatar a sauke fanka a buɗe cikinta.

Kafin a hau tsani, a kashe wutar daga babban makunnin gidan, kada a tsaya ga na jikin bango. A gidaje da yawa an haɗa wayoyin a baibai, ta yadda ko an kashe makunnin ɗaki, wayar da ke ɗauke da wuta tana nan da ranta a saman silin. Kada kuma a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ba ta sallama idan za ta dawo.

Rawar fanka kusan kullum daga fuka-fuki take. A fara goge su, sama da ƙasa, domin ƙurar hunturu tana taruwa a kansu ba daidai ba, har wani ya fi wani nauyi. Daga nan a bi kusoshin da suka riƙe kowane fiffike a jikin injin, a ɗaure wanda ya yi sako-sako. A ɗaga murfin sama a duba ƙugiya da robar da fankar ke rataye a kai, da notin da ya riƙe sandar, a tabbatar ɗan fil ɗin da ke hana notin kwancewa yana nan. Idan a jikin katako aka ɗaure ƙugiyar, a lura ko gara ta ci shi. Wannan wurin ne ke jefo fanka ƙasa, saboda haka ban yarda a tsallake shi ba.

Idan an yi duk wannan rawar ba ta tafi ba, sai a zo ga awo. A zaɓi wuri ɗaya a jikin silin, a kawo bakin fiffike na farko ƙarƙashinsa, a auna tazarar da ke tsakani da tef ɗin awo ko sanda. A juyo na biyu zuwa wannan wurin a auna, haka na uku. Mu ce fanka ce mai inci 56, irin wadda ta fi yawa a gidajenmu, sai awon ya ba da santimita 30, 30, da 32. To na ukun ya sunkuya, wataƙila an buge shi da katifa ko an danne shi lokacin shara. A kwance shi, a kifa shi a kan ɗaya daga cikin 'yan uwansa, nan take za a ga inda ya karkace, galibi a wuyan ƙarfen da ke haɗa shi da injin. Ana iya miƙar da shi a hankali, amma idan wuyan ya tsage, sai dai a sake. Kuma a sayi ukun gaba ɗaya, domin masana'anta tana haɗa su ne da nauyi ɗaya. Cusa fiffiken wata fanka a cikinsu ba ya haifar da komai sai sabuwar rawa.

Fiffiken da aka lanƙwasa ya wuce kima yana rage gudu ma, saboda yana kamfatar iskar da ta fi ƙarfin injin. Masu murɗa fuka-fuki wai don iska ta ƙaru, koyil suke wahalarwa.

Rashin gudu kuwa, a fara tambayar kai: wannan fankar ce kaɗai, ko duk na gidan? Wutarmu ya kamata ta zo a kan bolt 230, amma a unguwanni da yawa tana faɗuwa ƙasa sosai da yamma. Idan duk fankoki sun yi sanyi tare, laifin na wuta ne. Idan ɗaya ce, mai gyara zai iya tsallake na'urar rage gudu da ke bango ya ba fankar wuta kai tsaye. Ta tashi da ƙarfi, to na'urar ce ta lalace. Ta ci gaba da jan jiki, sai a koma ga kafasita.

Kafasita shi ne ɗan gwangwanin nan ko ɗan baƙin akwati mai waya biyu da ke maƙale a saman injin. A cikin fanka koyil biyu ne, kuma kafasita ne ke sa wutar da ke shiga ɗayan ta ɗan riga ta ɗayan, wannan saɓanin shi ke tura injin ya juya. Zafi da hawa da saukar wuta suna cinye ƙarfinsa sannu a hankali, shi ya sa fanka ke rage gudu kaɗan-kaɗan ba tare da an ankara ba. Alamar mutuwarsa a bayyane take: fanka tana gurnani ba ta tashi, amma da an ɗan tura fiffike da sanda sai ta kama juyawa. Wani lokaci za a gan shi ya kumbura ko yana tsatsafar da mai.

A jikinsa akwai rubutu, mafi yawa 2.5µF da 400V ko 450V. Idan mai gyara ya cire shi, ya haɗa wayoyinsa biyu don sauran wutar da ke ciki ta fita, ya auna da mita ya ga 1.4 maimakon 2.5, magana ta ƙare. A sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon. Lambar bolt ɗin tana iya fin ta da, amma kada ta gaza. Inda ake yawan ɓarna shi ne a ɗauko mai 3.5 ko 4 a sa domin fanka ta yi gudu. Za ta yi gudun, amma koyil zai riƙa ɗaukar zafin da ba a yi shi dominsa ba, har ya ƙone da gaske. Fankokin sola masu aiki da batir ba su cikin wannan bayani, domin wani allon lantarki ne ke tafiyar da su.

Boris gwajinsa ba ya son wuta. A tura fiffike da hannu a saurara. Lafiyayyar fanka za ta yi zagaye da yawa shiru kafin ta tsaya a hankali. Idan ta tsaya da wuri, ko ana jin gurza kamar an zuba yashi a ciki, ko injin yana motsi gefe da gefe idan an girgiza shi, boris ya tafi. Guda biyu ne, sama da ƙasa, kuma lambarsu tana rubuce a jiki, sau da yawa 6201, 6202 ko 6203. Ɗiga baƙin mai ta sama yana kashe ƙarar na ɗan lokaci ne kawai, sannan ya jawo ƙura, wani ma ya gangara kan koyil. A sake biyun tare. Wajen sa sabo, kada a buga shi da guduma kai tsaye, a ɗora guntun bututu a kan zoben da ke shiga da matsi a tura shi a miƙe, in ba haka ba zai fara kuka tun ranar farko.

Sai an wuce waɗannan matakai uku ne maganar koyil ke tasowa, kuma shi ma yana da shaidarsa: warin ƙuna, jikin injin ya yi zafin da hannu ba ya iya jimrewa cikin ɗan lokaci, waya ta yi baƙi idan an buɗe. Idan mai gyara ya ce naɗi za a yi, a roƙe shi ya auna kafasitan a gabanka, ya kuma nuna maka wurin da wayar ta ƙone kafin a yi ciniki.