Wa'adin Gyara Aiki: Yadda Ake Rubuta Shi Ba Tare da Zalunci Ba

A kamfanoni da bankuna da ƙungiyoyi masu zaman kansu akwai wata takarda da ake miƙa wa ma'aikacin da aikinsa ya yi rauni. Ana faɗa masa inda ya gaza, da abin da ake so ya kai, da lokacin da aka ɗibar masa, galibi kwana 30 ko 60 ko 90. Ma'aikata da yawa suna ganinta ne a matsayin sharar fagen sallama, kuma ba su yi ƙarya ba, domin akwai shugabannin da sai sun gama yanke hukunci a zuci sannan su zauna rubuta ta. Ni ma'aunina ɗaya ne: shin mutum mai ƙwazo, idan ya dage, zai iya cika abin da aka rubuta a cikin wa'adin? In ba zai iya ba, takardar kora ce aka sauya wa suna.

Tun a 1982 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da Shawara mai lamba 166, wadda ta ce kada a sallami ma'aikaci saboda raunin aiki sai an nuna masa yadda ake so a yi, an gargaɗe shi a rubuce, an kuma ba shi isasshen lokacin gyarawa. A Najeriya, gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba rashin adalci a wurin aiki da kuma yin la'akari da kyawawan ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Saboda haka takardar da aka rubuta da gaskiya tana kare mai kamfani kamar yadda take kare ma'aikaci.

Mu ɗauki misalin magatakardan sito a wani kamfanin sarin kayan masarufi. Aikinsa rubuta takardun fitar da kaya, kusan 500 a wata. Manaja na ƙorafi cewa yaron nan ba ya mai da hankali. Wannan magana ba ta shiga takarda, domin ba a auna ta, kuma babu ranar da mutum zai iya tabbatar da cewa ya gyara ta. Abin da ke shiga shi ne abin da aka ƙirga: a watanni ukun da suka wuce, takardu 8 cikin kowace 100 da ya rubuta an sami kuskuren adadi ko na sunan kaya a cikinsu, alhali abokan aikinsa biyu ba sa wuce 2 cikin 100. Da wannan an san inda yake tsaye, an kuma san inda ake son ya je, kuma ma'aunin daga aikin 'yan'uwansa aka ɗauko shi, ba daga ran manaja ba.

Kafin a sa wa'adi, a zauna da shi a tambayi dalili. Nan ne aka fi yin garaje, nan ne kuma adalcin yake. Wataƙila in an baje takardun da ke da kuskure za a ga yawancinsu na bayan la'asar ne, lokacin da motoci ke yin layi shi kaɗai a kan tebur. Wataƙila an sauya manhajar sito ba a koya masa ba. Wataƙila kuma idonsa ne ke neman tabarau, ko yana jinyar mahaifiya yana kwana a asibiti. Kowane dalili da irin maganinsa, kuma wani ma ba laifinsa ba ne. Idan kuwa aka gano da gangan yake sauya adadi don kaya su ɓace, to an bar batun rauni an shiga batun rashin amana, wanda hanyarsa takardar tuhuma ce da bincike.

A ce an gano rashin sanin manhajar ne da cunkoson yamma. Manajan da ya rubuta cewa daga wata mai zuwa ba a son kuskure ko ɗaya ya nemi abin da ƙwararrun sito ɗin ma ba sa yi. Wanda ya ce a sauko zuwa 2 cikin 100 a mako biyu shi ma bai ba koyo lokaci ba. Abin da ya dace shi ne a raba tafiyar zango-zango. A fara ranar 1 ga Satumba. Zuwa 30 ga Satumba kuskure ya sauko 6 cikin 100, zuwa 31 ga Oktoba 4, zuwa 30 ga Nuwamba 2. An sassauta zangon farko ne da gangan, domin a cikinsa ake horo, kuma mai koyon sabuwar hanya yakan yi nawa kafin hannunsa ya faɗa. An kuma yi lissafin da kashi cikin ɗari maimakon jimilla, saboda a watan da ciniki ya buɗe, kamar gab da salla, takardu na ƙaruwa, jimillar kuskure na iya hawa alhali mutumin gyaruwa yake yi.

Takardar ba ta cika sai an rubuta nauyin da ke kan kamfani, da sunan wanda zai sauke shi da ranar. A misalinmu, babban magatakarda zai koya masa manhajar na kwana uku a makon farko, kuma za a ba shi mataimaki daga la'asar zuwa tashi har ƙarshen Satumba. Idan kamfani ya makara da horon mako biyu, wa'adin ma ya matsa da mako biyu. A rubuta wannan sharaɗi ƙarara tun farko.

Ranakun bita kuwa a kafa su a kalanda tun ranar sa hannu, kada a bar su a kan sai mun ga hali. Ban da manyan zama uku na ƙarshen wata, a riƙa ɗan zama na minti ashirin duk mako, a ɗauko takardun makon a duba tare. Amfaninsa shi ne kada mutum ya shafe wata yana maimaita kuskure ɗaya babu wanda ya nuna masa. Bayan kowane zama a rubuta alƙaluman da abin da aka yarda a kai, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi, ma'aikaci kuma ya sami wurin rubuta uzurinsa in bai gamsu ba. Idan hutu ko rashin lafiya ya faɗo a tsakiya, kwanakin ba sa shiga lissafi.

Ana gane takardar da aka gina a kan mugun nufi da wuri. Za ka ga buƙatu goma sha a jere maimakon biyu ko uku, ko a ƙaro sabon sharaɗi bayan mutum ya cika na farko, ko manaja ya yi ta ɗage zaman bita har ranar ƙarshe ta zo a yi hukunci a dunƙule.

Sai abin da zai biyo bayan 30 ga Nuwamba, wanda shi ma tun ranar farko ake faɗarsa. In ya kai 2 cikin 100, an rufe magana a rubuce. In ya tsaya a 3, mutumin da ya taso daga 8 ya nuna yana kan hanya, kuma a ganina ya cancanci ƙarin wata guda. In har yanzu yana 7 bayan kamfani ya sauke nasa nauyin, sai a duba sauya masa wurin aiki, ko a rabu bisa sanarwa da haƙƙoƙin da yarjejeniyar aikinsa da doka suka tanada.

Kai kuma da aka miƙa wa irin wannan takarda, kada ka sa hannu a tsaye. Ka nemi a ba ka kwana ɗaya ka karanta, ka tambayi daga ina aka samo adadin da ake so ka kai, wa zai koya maka, kuma wace rana ce zaman farko.