Gyaran suna ko shekaru a takardar inshora: a yi shi mai ita na raye

Kamfanin inshora ba ya biyan mutum don ya san fuskarsa. Yana biyan sunan da ke rubuce a takardar yarjejeniya ne, kuma yana lissafi da ranar haihuwar da aka cike a fom ranar shiga. Wannan ne ya sa wasiƙar neman gyara, duk da gajartarta, take da lokacinta: sai an rubuta ta mai inshorar yana raye, kafin asara ta auku. Bayan rasuwa, wanda zai iya cewa "ni ne wannan" ya tafi, an bar mata da marayu su shawo kan jami'in da aikinsa shi ne ya ƙi sakin kuɗi har sai takardu sun dace da juna.

A ƙasar Hausa irin wannan saɓani ba abin mamaki ba ne. Mutum ɗaya zai kasance Muhammadu a takardar firamare, Mamman a wurin aiki, katin ɗan ƙasa kuma ya zo da wani rubutun daban. Garba shi ne Abubakar, kowa a unguwa ya san haka, amma na'ura ba ta sani ba. Wani ya ɗauki sunan garinsu a makaranta, daga baya ya koma sunan mahaifi; mace ta shiga inshora da sunan uba, asusun bankinta kuwa da sunan miji. Ranar haihuwa ta fi rikici, domin manya da yawa ba a yi musu rajista ba, sai aka yi ƙiyasi aka ɗora musu ɗaya ga Janairu. Yanzu da banki ke duba lambar BVN, kamfanoni kuma ke neman lambar NIN ta hukumar NIMC, kowane bambanci fitowa yake fili.

Sai dai kuskuren suna da na shekaru ba nauyinsu ɗaya ba. Na suna tambaya ce ta wane ne mutumin, kuma yawanci jinkiri yake jawowa: a kawo takardar rantsuwa, a kawo shaida, a jira. Na shekaru kuwa yana taɓa kuɗin kansa, musamman a inshorar rai da takaful na iyali, inda shekarun mutum ke yanke abin da zai riƙa zubawa. Mu ɗauki misali da alƙaluman da aka sauƙaƙa don lissafi. Mutum ya shiga a 2019 kan naira miliyan 5. An rubuta an haife shi a 1979, wato yana da shekara 40, aka yanka masa zubin naira 50,000 a shekara. Gaskiyar ita ce 1974 aka haife shi, kuma ɗan shekara 45 da 62,500 ya kamata ya riƙa biya. Idan ya rasu aka gano, abin da aka saba yi shi ne a biya iyalinsa gwargwadon abin da zubinsa zai saya a shekarunsa na gaskiya. Tun da kashi huɗu cikin biyar ya riƙa biya, miliyan 4 za a ba su, miliyan ɗaya ta tafi. Da ya rubuta wasiƙa bayan zubi shida, giɓin da ke kansa 12,500 ne sau shida, wato 75,000, ko da ɗan ƙari idan yarjejeniyar ta tanadi haka. Ko dai ya cike, ko ya amince a rage adadin, yana sane. Mafi muni shi ne idan shekarunsa na gaskiya sun wuce iyakar da kamfanin ke karɓa tun farko, domin a nan ana iya soke yarjejeniyar baki ɗaya.

Nan ne mai ja zai ce: ashe wasiƙar tonon silili ce. Me zai sa mutum ya kai kansa a ƙara masa kuɗi, alhali wataƙila ba za a taɓa ganowa ba? Wannan magana ta manta cewa ranar biyan diyya ita ce ranar da ake bincike mafi tsanani. Takardar shaidar rasuwa, katin asibiti da NIN ɗin mamaci duk za su haɗu a tebur ɗaya. Sannan inshora yarjejeniya ce da aka gina kan faɗin gaskiya tsakanin ɓangarorin biyu. Kuskuren da mai shi ya kawo da kansa ana ɗaukarsa kuskure; wanda kamfani ya bankaɗo bayan mutuwa yana iya kama da ɓoyewa da gangan, ga shi babu mai bayani. Kuma gyara ba kullum yake cin mai inshora ba: wanda aka ƙara wa shekaru ya daɗe yana biyan fiye da kima, yana da hujjar neman a mayar masa da rarar.

Kafin a ɗauki alƙalami, a nemi kwafin fom ɗin da aka cike da farko. Idan fom ɗin daidai yake, takardar ce ta fito da kuskure, laifin na mai bugawa ne a kamfani, kuma a faɗi haka a wasiƙar. Idan a fom ɗin kuskuren yake, ko da wakili ne ya cike, sa hannun mai inshora na ƙasa, sai a bayyana yadda abin ya faru ba tare da kwana-kwana ba. In kuwa NIN ɗin ne ke da matsala, can za a fara, don kamfani ba zai gyara takardarsa ta saɓa wa katin gwamnati ba.

Wasiƙar kanta ba ta buƙatar wuce shafi ɗaya. Mai inshorar ne zai sa hannu, da irin sa hannun da ke fom. A sama a sa lambar yarjejeniya, sannan a jera abin da aka rubuta da abin da ya kamata a rubuta, harafi da harafi. Wata a rubuta shi da kalma, domin 03/08 na iya zama uku ga Agusta a wurin wani, takwas ga Maris a wurin wani. A ambaci takardun da aka haɗa: NIN, takardar haihuwa ko shaidar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardar makaranta, rantsuwar kotu cewa sunayen na mutum ɗaya ne, da sanarwar jarida idan sauya suna aka yi. Tsohuwar takarda ta fi rantsuwar jiya ƙarfi, don an yi ta tun babu abin da ake nema. A ƙarshe a roƙi abu biyu: takardar gyara, wadda ma'aikatan inshora ke kira endosmen, da bayani a rubuce kan ko zubi ko adadin diyya zai sauya. A lokacin a duba sunan wanda aka rubuta zai karɓi kuɗin; Nana a takarda, A'ishatu a banki, rigimar ɗaya ce.

Wasu sukan ce wakili ya riga ya faɗa musu ba komai, zai gyara. Wakili na iya barin aiki gobe, kuma maganar baki ba ta shiga fayil. A kai wasiƙar ofis a buga wa kwafinta hatimi da kwanan wata, ko a tura ta adireshin imel na kamfanin a adana amsar, a ci gaba da zubi don kada yarjejeniyar ta faɗi ana tsakiyar gyara. Idan kamfani ya yi shiru bayan tuni, hukumar NAICOM mai sa ido kan harkar inshora a Nijeriya tana karɓar ƙorafi. Ma'aikacin da ke ƙarƙashin inshorar rai ta rukuni, wadda dokar fansho ta 2014 ta wajabta da aƙalla ninki uku na albashin shekara, ta ofishin ma'aikata zai bi, domin wurin aikinsa ne ke riƙe da yarjejeniyar.

Mai karatu, ɗauko takardarka ka ajiye ta kusa da katin NIN ka karanta layi-layi. In ka ga bambanci, rubuta, kuma kada ka ɗauka an gyara sai endosmen ya zo hannunka da sunan da ranar daidai.